Jan biro kaɗai ba ya koyarwa: yadda ake sa wa kuskure alama don ɗalibi ya gane irinsa

Duk wanda ya yi makaranta a Katsina ya san takardar insha'i da ta dawo jajawur da biron malam. Ɗalibi ya duba makinsa, ya ninke ta, ya cusa a jaka, mako mai zuwa kuma ya sake yin kurakuran nan dai. Malam ya ɓata dare guda yana gyara, amma gyaran bai shiga ba. Masu binciken koyon harshe sun daɗe suna nazarin abin da ke jawo haka, kuma ɗaya daga cikin dabarun da suka gwada ita ce a nuna wa ɗalibi irin kuskuren da ya yi, ba wurin kuskuren kawai ba.

Bari mu gwada dabarar da harshenmu. A birnin Katsina akwai masu koyon Hausa da girmansu: matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga kudu, da 'yan kasuwa, da ɗaliban da suka zo karatu Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Kurakuran da suke yi suna da tsari, shi ya sa suke da daɗin nazari.

Hanyoyi uku na gyara

Malami yana da zaɓi uku idan ya ga kuskure. Zai iya soke kalmar ya rubuta daidai a samanta. Zai iya ja mata layi kawai, ya bar ɗalibi ya nemo matsalar. Ko kuma ya ja layi ya sa wata alama, galibi harafi ɗaya, da ke faɗin irin kuskuren. Ta farko tana ba da amsa amma ba ta faɗin dalili. Ta biyu tana nuna wuri amma ba ta ba da haske. Ta uku tana tsakiya, kuma ita ce batunmu.

Ga wani ɗan rubutu da muka shirya a matsayin misali, irin wanda mai 'yan watanni da fara koyon Hausa zai iya yi, tare da alamomin malami:

"Jiya na je babban [J] kasuwa da abokina. Mun ga wata mata wanda [J] take sayar da fura. Na saya [A] fura. Lokacin da mun [D] gama sha, abokina ya biya kudin [H]. Furar ya [J] yi dadi [H], amma rana ya [J] yi zafi. Mun ci [K] rake a hanya. Gobe zamu [R] koma."

Ma'anar alamomin ita ce: J jinsi, wato namiji ko mace, A siffar aikatau, D lamirin dangantaka, irin su "muka" da "suka", H harafi mai ƙugiya, R raba kalma ko haɗe ta, K zaɓen kalma. Ga kuma gyararren rubutun:

"Jiya na je babbar kasuwa da abokina. Mun ga wata mata wadda take sayar da fura. Na sayi fura. Lokacin da muka gama sha, abokina ya biya kuɗin. Furar ta yi daɗi, amma rana ta yi zafi. Mun sha rake a hanya. Gobe za mu koma."

Abin da alamar ta tono

Rubutun nan kalmomi 45 ne, kurakuransa 10. Wanda aka ba shi gyararren rubutu kawai zai ga kamar ya yi ɓarna a wurare goma daban-daban. Amma da aka sa alama, sai ga J ta fito sau 4. Kusan rabin matsalar abu ɗaya ne kenan: bai riƙe cewa kasuwa da fura da rana duk mata ne a Hausa ba, kuma jinsin nan yana bin su har cikin sifa da lamiri. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mai Yarbanci ko Ibo, domin waɗannan harsuna ba su raba "shi" da "ita" ba, kalma ɗaya ce take ɗaukar duka biyun.

Tun a 1967 masanin harshe Pit Corder ya bambanta abubuwa biyu da mukan haɗa su. Akwai tuntuɓen alƙalami, wanda mutum ya san daidai, gaggawa ce ko gajiya ta sa shi. Akwai kuma kuskure na ainihi, wanda ke fitowa daga ƙa'idar da mai koyo ya gina a kansa. Alama tana taimakawa wajen gane wanne ne. Idan ɗalibi ya ga H kusa da "kudin" nan take ya ce "au, ƙugiya", to tuntuɓe ne, ko ma wayarsa ce ba ta da harafin. Idan kuwa ya ga D kusa da "mun" ya yi shiru yana kallo, to bai san cewa bayan "lokacin da" ana komawa "muka" ba. Wannan darasi yake buƙata, ba jan biro ba.

Ba kowane kuskure ne alama ke magani ba

Dana Ferris, mai bincike a kan koyar da rubutu a Amurka, ta raba kurakurai gida biyu: masu ƙa'idar da za a iya dubawa, da marasa ita. Dubi "na saya fura". Akwai ƙa'ida bayyananniya: wannan aikatau yana zama "sayi" idan suna ya biyo baya, "saye" idan wakilin suna ne, kamar "na saye ta", sannan "saya" idan ba abin da ya biyo. Wanda aka taɓa koya wa wannan, alamar A ta ishe shi.

To amma "mun ci rake" fa? Ka sa masa K sau goma, ba zai gano cewa Bahaushe shan rake yake yi ba, kamar yadda yake shan mangwaro amma ya ci goro. A nan sai dai malami ya rubuta "sha" ƙarara. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa shi ne a gauraya: alama ga abin da ke da ƙa'ida kuma an riga an koyar, amsa kai tsaye ga abin da ba shi da ita. Ga sabon shiga kuwa, wanda bai san ƙa'idar ba tukuna, a ba shi amsar tare da alamar, don ya san sunan abin da aka gyara.

Me bincike ya nuna?

A nan sai an yi taka-tsantsan, domin sakamakon bai tafi gefe ɗaya ba. A 1982 John Lalande ya gwada ɗalibai masu koyon Jamusanci a wata jami'a ta Amurka. Waɗanda aka sa wa alama, suka gyara da kansu, suna kuma ajiye lissafin kurakuransu, sun fi waɗanda malami ya rubuta wa amsa raguwar kuskure. Sai dai a lura, ba alama kaɗai suka samu ba, har da aikin neman gyara da lissafi.

A 2001 Ferris da Barrie Roberts suka gwada ɗalibai 72 masu koyon Turanci, suka raba su uku: masu alama, masu layi kawai, da waɗanda ba a taɓa takardarsu ba. Rukuni biyun farko sun fi na uku iya gyara rubutunsu, amma tsakanin masu alama da masu layi babu wani bambanci na a zo a gani. Wato harafin da malami ya ƙara ba sihiri ba ne.

John Truscott ya fi kowa tsanantawa. A 1996 ya rubuta cewa gyaran nahawu a ajin rubutu ba shi da amfani, a daina. A 2008 shi da Angela Hsu suka nuna wani abu da ya kamata kowane malami ya riƙe: ɗaliban da aka ja wa layi sun gyara rubutunsu da kyau, amma da aka ba su sabon rubutu bayan mako guda, ba su fi waɗanda ba a ja wa ba. Gyara tsohuwar takarda daban, koyo daban. A ɗaya ɓangaren kuma, John Bitchener da Ute Knoch sun bi ɗalibai na tsawon wata goma a ƙasar Niyuzilan, ana gyara musu abu ɗaya tak na nahawun Turanci, kuma ribar ta ɗore. Darasin da ke ciki shi ne, gyaran da aka taƙaita kan abu ɗaya ko biyu ya fi samun hujja mai ƙarfi.

Yadda za a gane ko ya shiga

Mu koma kan ɗalibinmu. Malami ya zaɓi J da D kawai na makonni uku masu zuwa. Ya ba shi takarda mai alama tukuna, ya ba shi minti goma ya gwada gyarawa, sannan ya miƙa masa gyararren rubutun ya kwatanta. Idan aka ba shi duka biyu lokaci guda, kwafa zai yi. A bayan littafinsa kuma ya ja tebur, kowace alama da layinta.

Awo sai a sabon rubutu, kuma da kashi ake yinsa, ba da jimilla ba. J 4 cikin kalmomi 45 kusan 9 ne cikin kowace 100. Idan rubutu na gaba kalmomi 120 ne kuma J ta fito sau 5, adadi ya ƙaru, amma kashin ya sauko zuwa kusan 4 cikin 100. Ci gaba ne. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, wani ɗalibin yakan rage kuskure ta hanyar gudu: ya daina rubuta "lokacin da" gaba ɗaya, jimlolinsa su koma gajejjeru. D ta ɓace, amma ba don ya iya ba. Na biyu, wanda aka gaya wa cewa yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne zai iya fara rubuta "gidar" ko "ruwa ta ƙare". Kada malami ya karaya, wannan alama ce ta cewa ƙa'idar ta shiga har ta wuce gona da iri. Abin da ya rage shi ne a ba shi jerin waɗanda suka saɓa, irin su gida, ruwa, nama da suna.

Katsinanci ba kuskure ba ne

Akwai wani tarko na musamman a Katsina. Mai koyo yana jin "shina zuwa", "ya tahi" da "na ba mashi" a bakin mutanen gari kullum, sai ya rubuta su. Yaran Katsina ma haka suke yi a insha'in Hausa. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka fi gina ta kan karin Kano, tana son "yana", "tafi" da "masa". Idan malami ya sa wa waɗannan alamar kuskuren nahawu, ya gaya wa ɗalibi abin da ba gaskiya ba, kuma ɗalibin zai fita ƙofar makaranta ya ji dattawa suna faɗar abin da aka soke masa. Gara a ware musu alama tasu, a ce KH don karin harshe, ma'ana daidai ne a baka, amma a jarrabawa ga yadda ake rubutawa.

Alamomin kuma kada su yi yawa. Guda shida ko bakwai da aka rubuta a bangon littafi, kowace da misalinta, ɗalibi zai iya riƙe su. Idan suka kai ashirin, lokacin da ya kamata ya yi yana tunanin jinsin "kasuwa" zai ƙare ne wajen neman ma'anar harafin da malam ya sa.