Saƙon da ya iso ba kai

Wani ɗan kasuwar hatsi yana kan hanya, sai ya tura wa yaron shagonsa tes. Ga abin da ya bayyana a wayar yaron: "kuma ka ba shi buhu goma na masara ya tafi da su. Sai na dawo." Alhajin da ake magana a kansa yana tsaye a bakin sito, don haka yaro bai yi wata-wata ba, ya sa aka loda masa buhuna. Ashe maigida ya fara ne da cewa: "Idan Alhaji ya kawo ragowar kuɗin, ka buɗe masa sito ya duba kaya," amma wannan ɓangaren bai iso ba. Misali ne na ƙirƙira, sai dai yadda saƙon ya tsinke a daidai wannan gaɓa ba ƙage ba ne, lissafi ne.

Tes guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, kuma fili tsakanin kalmomi ma harafi ake ƙirga shi. To, wannan adadi yana aiki ne kawai idan duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin GSM, jerin da aka yi shi da harsunan Turai a zuciya. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Da zarar mutum ya sa ɗaya daga cikinsu, ko 'yar fuskar nan mai murmushi, yawancin wayoyi sai su juya saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsari mai cin wuri, wanda haruffa 70 kacal yake ɗauka.

Idan rubutu ya haura iyaka, waya takan yanka shi gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa tana tafiya da 'yar shaida wadda mai karatu ba ya gani, mai nuna lambar saƙon, da yawan gunduwoyinsa, da ko ita ce ta nawa. Shaidar ma tana cin wuri, shi ya sa 160 kan koma 153, 70 kuma ya koma 67.

Yanzu a ƙirga na ɗan kasuwarmu. Daga "Idan" zuwa filin da ke bayan "kaya," haruffa 67 ne cif. Ragowar 62 ne, jimla 129. Da ya rubuta "kudin" da "bude" babu lanƙwasa, da saƙon ya tafi a dunƙule, tunda bai kai 160 ba. Lanƙwasar ɗ ce ta raba shi biyu, ta kuma sa aka caje shi kuɗin tes biyu.

Gunduwoyin nan kowace hanyarta daban. Cibiyar kamfanin waya tana riƙe su ta miƙa ɗaya bayan ɗaya, wayar mai karɓa ce ke haɗa su. Idan sabis ya yanke a tsakani, ko ma'ajiyar waya ta cika, ta biyu na iya riga ta farko isowa, ko ta farkon ta maƙale. Wayoyi da yawa sukan jira sai sun cika, wasu kuwa su nuna abin da ya samu. Tsofaffin Nokia sun fi gaskiya a nan, domin sukan rubuta "some text missing" a gurbin da aka rasa.

A ganina rashin kai ya fi rashin wutsiya haɗari. Saƙon da ya katse a ƙarshe yana tona kansa, kowa ya ga magana ta tsaya a tsakiya zai kira ya tambaya. Wanda ya rasa farko kuwa yana ƙarewa lafiya lau, har da sallama. Ga shi a Hausa sharaɗi da hani a gaba suka fi zama: "idan", "kada", "sai in". Su ne ke tafiya da gunduwar farko, a bar umarni tsirara.

Sau da yawa yankan yakan faɗa tsakiyar kalma, a ga saƙo ya fara da guntu irin "sara", nan take a gane. Matsalar ita ce in ya faɗa kan gaɓa mai kyau. A nan alamomin su ne ƙaramin harafi a farko, da rashin gaisuwa daga mutumin da ya saba gaisuwa, da "shi" ko "ita" ba tare da an ambaci kowa ba, sai kuma "kuma" ɗin kanta, wadda ba ta da aiki sai ɗora magana a kan wata. Gaskiya ne mutum kan turo "kuma ka taho da caja" a matsayin ƙari kan hirar da aka riga aka yi, don haka a fara duba saƙon da ya gabata. In babu abin da za a jingina ta, a kira.

Ba na ba da shawarar a watsar da ƙ da ɗ, domin "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne. Wayoyi da dama suna nuna ƙirga a gefen wurin rubutu, sauran haruffa da yawan gunduwoyi. In ta nuna 2, kuma maganar kuɗi ce ko ta magani, gara a rage ta ta shiga cikin 70, sharaɗi da umarni a wuri guda: "Sai ya biya ragowar kuɗin za ka ba shi buhu goma." Haruffa 49 ne.