Takardar Sallama: Abin da Mai Karɓar Diyyar Inshora Yake Yafewa

Idan gobara ta ci shago, ko mota ta yi hatsari, kuma kamfanin inshora ko na takaful ya amince zai biya, ba a tura kuɗi sai an miƙo wa mai asara wata takarda mai shafi guda. Ma'aikata na kiranta baucan sallama. Yawanci da Turanci take, kuma jimla ɗaya ce ƙashin bayanta: wanda ya sa hannu ya amince cewa wannan adadi shi ne cikakken biya na ƙarshe a kan wannan asara, kuma ya sallami kamfanin daga duk wani haƙƙi da ya danganci ita. Mutane da yawa suna ɗaukarta rasit ce. A idon kotu kuwa yarjejeniya ce mai ɗaure mutum.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya yi wa kayansa inshorar naira miliyan 10, alhali ranar da wuta ta tashi kayan miliyan 20 ne a shagon. Mai tantance asara ya zo ya ƙirga, ya ce abin da ya ƙone na miliyan 8 ne. Tun da rabin darajar kayan kaɗai aka yi wa inshora, ƙa'idar da ke cikin yawancin irin wannan yarjejeniya ta ce rabin asarar za a biya, wato miliyan 4. Idan kuma an rubuta cewa mai kaya zai ɗauki kashi 10 cikin ɗari na kowace diyya, abin da zai bayyana a baucan shi ne miliyan 3 da dubu 600.

Ya sa hannu, don 'yan bashi na jiransa. Bayan mako uku ya kwance dilolin da ke can ƙuryar shago, waɗanda aka zaci sun tsira, ya tarar ruwan 'yan kwana-kwana ya shige su, atamfofin sun yi funfuna sun zuba. Wannan ɓarna daga gobarar nan ta samo asali, don haka tana cikin abin da ya riga ya yafe. Babban haƙƙin da takardar ke ɗaukewa ke nan: neman ƙari a kan asara ɗaya, ko da daga baya aka gano ta. Abin ya fi ciwo ga wanda ya ji rauni a hatsarin mota, ya karɓi diyya tun karaya ba ta warke ba, sannan likita ya ce sai an sake tiyata.

Akwai kuma haƙƙin bin wanda ya jawo ɓarnar. Idan wutar daga janaretan maƙwabci ta taso, kamfanin ne ke gadar ikon neman abin da ya biya daga wurinsa, kuma mai shago ba shi da hurumin cewa "na yafe masa" ta yadda zai toshe wa kamfanin hanya. Ragowar kayan da aka biya kuɗinsu cif su ma na kamfanin ne, haka ma gawar motar da aka biya gaba ɗaya.

Sa hannun bai kashe inshorar ba. Wata sabuwar asara a cikin shekarar tana nan a rufe, sai dai a inshorar gobara adadin yakan ragu da abin da aka biya, har sai an ƙara kuɗi an mayar da shi yadda yake.

A Najeriya an saba sa hannu kafin kuɗi su shigo, ko da takardar ta ce "na karɓa". Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga fitar baucan ya biya, kuma a 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta. Wanda aka ja wa rai yana iya kai kuka ga NAICOM, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora. Warware takardar bayan an sa hannu kuwa abu ne mai wuya. Kotu na duba ko an yi zamba, ko yaudara, ko tilastawa, kuma dokokin kare wanda bai iya karatu ba sun bukaci a karanta masa a fassara kafin ya dangwala yatsa. Cewa kuɗin bai kai ba, ko cewa mutum yana cikin matsi ne lokacin, da ƙyar yake isa hujja.

Saboda haka gardamar duk kafin sa hannu ake yin ta. Mai asara ya nemi lissafin dalla-dalla, ya ga me aka cire da dalilinsa, ya kwance kowace dila a gaban mai tantancewa. Idan bukatar kuɗi ta matsa kuma ba a gama daidaitawa ba, ya nemi a ba shi wani kaso tukuna, a rubuta a takardar cewa biyan wucin gadi ne kuma sauran magana na nan, sannan ya riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata.