Salula: baƙin allo na dare ne, ba na tsakar rana ba

Idan aka ɗauke wuta da dare a Maradi ko Damagaram, mutum ya buɗe salularsa cikin duhu, farin allon yakan soki ido kamar fitilar mota. Don haka ne jama'a da dama suka koma ga baƙin allo, inda rubutu ke fitowa fari a kan baƙi. Tsarin ya shigo wayoyin Android 10 da iOS 13 a shekarar 2019, WhatsApp kuma ya bi sahu a 2020. Sai dai wanda ya kunna shi ba bisa ƙa'ida ba, yana iya hutar da idonsa ya jawo wa aljihunsa asara.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Maradi, wanda abokin cinikinsa na Kano ke turo masa hotunan kaya da farashi. Yana neman baƙin allo, sai ya faɗa cikin « Accessibilité » ya kunna « Inversion des couleurs ». Allo ya yi baƙi, ya ɗauka buƙata ta biya. Alhali wannan maɓalli yana juya kowane launi ne, har da na hotuna: farar shadda ta koma baƙa, shuɗiya ta koma wajen ruwan ɗorawa. In ya zaɓi kaya a haka, wani launi dabam za a ɗauro masa. Gane kuskuren ba wuya: ya buɗe hoton wani nasa. Idan fuskar ta fito da launin da ba na ɗan Adam ba, to a kashe maɓallin nan take.

Hanyar gaskiya a Android ita ce « Paramètres », sannan « Affichage », sannan « Thème sombre », ko da yake sunan yakan ɗan sauya daga kamfani zuwa kamfani. A iPhone kuwa, « Réglages », « Luminosité et affichage », « Sombre ». Wannan tsari ba ya taɓa launin hoto.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sa masa lokaci. A nan inda aka kunna shi, yawancin wayoyi suna da zaɓin da zai sa allo ya yi baƙi da faɗuwar rana, ya koma fari da fitowarta. Dalilin kuwa a ido yake. Cikin hasken rana, baƙin allo yakan zama kamar madubi, mutum ya riƙa ganin fuskarsa maimakon lissafinsa. Kuma idan haske ya ragu, ɗan baƙin da ke tsakiyar ido yakan buɗe, gefen haruffa ya rage kaifi. Masu larurar da likitoci ke kira astigmatizim su suka fi jin wannan, domin farin rubutu yakan yi musu hazo a gefe. A nan ne 3 ke kama da 8, jika 33 ta zama jika 38.

Gwajin mai sauƙi ne. Bayan magariba a buɗe saƙon da ke da lambobi, a riƙe wayar a nisan da aka saba. In sai an runtse ido ko an matso da ita, a ƙara girman rubutu a « Taille de police », a ɗan ɗaga hasken allo. In hazon bai tafi ba, a koma farin allo a rage haskensa, a kunna fitila a ɗaki.

Sauran aikin a cikin manhajoji yake. A WhatsApp na Android, a shiga « Paramètres », « Discussions », « Thème », a zaɓi bin tsarin wayar maimakon « Sombre », don ya riƙa sauyawa tare da ita. Haka ma a Chrome, ƙarƙashin « Thème ». Amma Chrome jikinsa kawai yake baƙantawa. Shafin intanet da ba a gina shi da baƙin launi ba zai ci gaba da fitowa fari, haka yawancin takardun PDF da ma'aikata ke karɓa daga ofis. Tilasta musu baƙi yakan ɓoye tambari ko layukan jadawali, don haka takardar aiki a karanta ta yadda aka rubuta ta.

Game da batir, ribar ta masu allon OLED ce, domin a wurinsu baƙi yana nufin ɗigon hasken ya mutu. Allon LCD, wanda ke kan yawancin wayoyi masu araha, fitilarsa ta baya tana ci ko allon baƙi ne ko fari. Mai irin wannan waya, rage hasken allo shi ne zai kai masa caji har asuba.