Maɗaurin Agogo a Ƙasar Zafi: Ƙarfe, Fata ko Roba?

Mai sayen agogon hannu yakan ƙura wa fuskar agogon ido, ya tambayi ƙirar wace ƙasa ce, ya biya ya tafi. Ba kasafai yake juya maɗaurin ya duba cikinsa ba, alhali shi ne ke kwana ya wuni a jikin fatarsa. A ƙasarmu kuwa maɗauri yana shan wuya: zufar watan Afrilu, damshin Agusta, ƙurar hunturu, ga ruwan alwala sau biyar a rana. Abin da ke lalata maɗauri, kuma yake sa wuyan hannu ƙaiƙayi, kusan kullum abu ɗaya ne, wato laimar da ke maƙalewa a ƙarƙashinsa ta kasa bushewa. Zufa ruwa ce mai gishiri, kuma ƙarfe da fata da roba kowanne da yadda yake ƙarewa da ita.

Sarƙar ƙarfe ba ta shan ruwa, kuma iska na ratsa gaɓoɓinta, saboda haka hannu yana saurin bushewa. Amma ƙarfe suna ya tara. Agogon kirki da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yi masa sarƙa, galibi nau'in da ake kira 316L, wanda ke iya yin shekara da shekaru ba abin da ya same shi sai ƙarzuwa. Mai araha kuwa sau da yawa tagulla ce aka shafa mata nikel, sannan aka bi da ruwan zinariya ko na azurfa. Gishirin zufa yana cinye wannan shafe, sai a ga gefen sarƙar ya koɗe, hannu kuma ya yi kore-kore. Wannan koren daga tagullar yake fitowa, yana fita da sabulu. Nikel ɗin shi ne abin tsoro, domin a duk ƙarafa shi ya fi yawan tayar wa mutane da ƙuraje.

Shi kansa 316L yana da nikel kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari, sai dai a ɗaure yake cikin ƙarfen, kaɗan ƙwarai ke narkewa cikin zufa. Yawan wanda ke fita ya taɓa fata shi ne abin lura, shi ya sa tun 1994 Tarayyar Turai ta ƙayyade wa kayan da ke daɗewa a jikin mutum iyakar nikel ɗin da za su riƙa saki a mako. Wanda jikinsa bai jure ko wannan kaɗan ɗin ba, sai ya nemi taitaniyam, wanda ba shi da nikel kuma ya fi sauƙin nauyi, ko da yake ya fi tsada. Aibin sarƙa ɗaya shi ne dauɗar da ke taruwa tsakanin gaɓoɓi. Baƙin shatin da take bari a hannu ko a bakin hannun riga yawanci wannan dauɗar ce, kuma tana goge ƙusoshin da ke riƙe gaɓoɓin har sarƙar ta saki. Maganinta tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, bayan an cire sarƙar daga agogon idan ba mai jure ruwa ba ne.

Fata ta fi kowanne daɗin ɗaurawa a ranar farko, kuma ita ta fi saurin mutuwa. Maɗaurin fata hawa-hawa ne: ta sama mai kyan gani, ciko a tsakiya, da shafi a ciki, an haɗa su da gam da ɗinki. Shafin nan yana tsotse zufa, ruwan ya bushe ya bar gishiri, gobe a sake. Da haka fatar ke yin baƙi, ta ƙandare, ta soma wari, sannan ta tsage a daidai hudar da ake yawan sa bokul. Da damina, idan aka jefa ta cikin durowa da danshinta, har fumfuna takan yi. Mai sa ta kullum cikin zufa, yana alwala bai cire ba, da wuya ta kai masa shekara. Akwai kuma batun jima. Yawancin fatar masana'antu da gishirin kuromiyam ake jeme ta, kuma wasu mutane jikinsu ba ya shiri da shi. Wadda aka jeme da tsirrai, irin yadda majeman Kano da Sakkwato ke yi da bagaruwa, ba ta da wannan matsala, amma ita ma ba ta son ruwa.

Roba ba ta jin tsoron ruwa, sai dai ba ta barin iska ta shiga, don haka zufa takan kwanta a ƙarƙashinta. Shi ya sa mai ramuka ko mai kwari-kwari a ciki ta fi mai sulɓi. Ita ma iri-iri ce. Silikon tana da taushi da araha, amma tana kwasar ƙura, kuma da ta sami ɗan tsagu sai ta yage. Foliyuritan, wadda aka saba gani a agogunan lamba na wasanni, tana jure aiki, amma damshi da zafi suna ruɓar da ita a hankali ko da a ajiye take, har wata rana ta karye kamar busasshiyar kuka. Alamar ta kusa ita ce ta soma danƙo ko ƙananan tsagu kusa da ramukan. Wadda ake rubuta wa FKM ta fi su jure rana da mai da zufa, kuɗinta ma ya fi nasu.

To, idan ƙuraje suka fito fa, ta yaya za a gane mai laifi? A ɗauki misalin ɗan acaɓa da ke wuni da agogon roba mai bokul ɗin ƙarfe, wuyan hannunsa ya yi ja yana ƙaiƙayi. Da farko ya cire agogon har fatar ta warke sarai, abin da kan ɗauki mako ɗaya ko biyu. Sannan ya wanke maɗaurin da sabulu, ya ɗauraye sosai, ya busar, ya mayar da shi ɗaya hannun, a sassauce yadda ƙaramin yatsa zai shiga ƙarƙashi. Idan komai bai sake fitowa ba, laima ce da guggubin sabulu da gogayya suka dame shi, kuma wannan shi ya fi yawa. Idan kuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙurajen suka dawo, masu ƙaiƙayi ƙwarai, wani lokaci da ƙananan ƙulli masu ruwa, sai ya duba inda suka tsaya. In a daidai bokul ne ko bayan agogon, nikel ake zargi, musamman idan kan bel ma yakan yi masa haka a ciki, ko 'yan kunne masu araha ga mace. In sun bi shatin maɗaurin gaba ɗaya, to sinadaran da ke cikin robar ne. Likitan fata yana tabbatarwa ta hanyar manna ɗan sinadarin a baya na kwana biyu. Wanda jikinsa ya ƙi nikel, galibi ya ƙi shi ke nan har abada, sauya ƙarfen ne kawai mafita.

Ga mai neman agogo ɗaya na kullum a yanayinmu, sarƙar ƙarfen da ba ya tsatsa ita ce gaba, muddin jikinsa na karɓarta. Mai aikin ƙarfi da yawan taɓa ruwa ya ɗauki roba mai ramuka, ya riƙa ɗauraye ta kowace yamma. Fata a bar wa ofis mai sanyi, da hunturu, da ranar biki. Sauya maɗauri ba ya buƙatar sabon agogo: mai gyara zai auna faɗin bakinsa, yawanci milimita 18 ko 20 ko 22, ya sa wani cikin 'yan mintuna. Ko wanne ka zaɓa, ka cire shi lokacin alwala da barci, kuma kada ka mayar sai hannunka ya bushe.