Idan Kai Ya Ƙi Kwanciya Bayan Jiki Ya Kwanta

Akwai mutanen da ke wuni suna hamma, su kai dare a gajiye liƙis, amma da zarar sun ɗora kai a matashi sai idonsu ya bushe. Kuɗin makarantar yara ya faɗo musu a rai, daga nan sai maganar da wani ya yaɓa musu a wurin aiki, sai bashin mai shago, sai ciwon da Inna ke fama da shi a ƙauye. Kafin su gama da ɗaya, wani ya shigo. Daga bisani sai tunani mafi cin rai ya zo ya danne sauran: "Ga shi ƙarfe ɗaya ta wuce ban rintsa ba, yaya zan yi gobe?" Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma ga mai irin wannan hali, dare ne lokacin da aikin zuci yake somawa.

Abin yana da dalili. Da rana hayaniyar kasuwa, kukan yara, waya da hira suna shagaltar da mutum, duk abin da bai kammala ba yana nan yana jiran sarari. Idan aka kashe fitila gida ya yi tsit, sararin ya samu. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta rarrabe hatsarin da ke gabanta da wanda take saƙawa sosai. Idan mutum ya hango mai gidan haya tsaye a ƙofarsa, jiki yana ɗaukar abin da gaske, ya saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, kafaɗu su ɗaure. Jikin da ke shirin kare kansa ba ya sakin kansa ga barci.

Nan ne yawancin mutane ke cewa, "To ka daina tunani mana." Wannan shawara tana fitowa daga zuciya mai kyau, sai dai ba ta aiki. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya umarci mutane su yi ƙoƙarin kada su tuna da wata farar dabba, sai ya ga tunaninta yana ta dawo musu duk da ƙoƙarin. Domin mutum ya tabbatar ba ya tunanin abu, dole ya riƙa leƙawa ya ga ko abin yana nan, leƙen kuwa shi ke dawo da shi. Barci ma haka yake: duk yadda aka matsa a kan lallai sai ya zo, haka yake ƙara nisa.

Saboda haka aikin ba a kan gado ake yinsa ba. Abin da na fi ba muhimmanci cikin duk dabarun yamma shi ne a ware wa damuwa lokacinta tun kafin kwanciya, a kuma sauke ta a takarda. Ana ɗaukar minti 15, kamar awa biyu kafin lokacin barci, wato ga mafi yawan gidaje tsakanin Magariba da Isha'i ko da an idar da Isha'i. A zauna a wani wuri da ba shimfiɗa ba, a samu littafin rubutu na 'yan makaranta, a ja layi a tsakiyar shafi. A gefe ɗaya a rubuta abin da ke damun mutum, a ɗaya gefen a rubuta mataki guda, mafi kusa, wanda zai iya ɗauka.

Mu ɗauki misalin wata malamar firamare mai 'ya'ya uku, wadda ke kwanciya ƙarfe goma amma ba ta samun barci sai wajen ɗaya. A gefen farko ta rubuta, "Kuɗin makarantar Abba." Idan a ɗaya gefen ta rubuta "in nemo kuɗi", ba ta yi komai ba, domin ta sake faɗin damuwar ne kawai, kuma ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da jujjuya ta. Abin da ya kamata ta rubuta shi ne, "Gobe bayan an tashi daga makaranta zan kira uwar adashi in tambaya ko za a iya matso min da kwasata." Akwai rana, akwai lokaci, akwai wanda za a kira. Abu na biyu, "Ciwon Inna." Wannan ba ta da ikon warkar da shi, to sai ta rubuta abin da ke hannunta: "Ranar Asabar zan tura wa Yaya kuɗin magani, in kuma ji me likita ya ce." Na uku, maganar da shugabar makaranta ta faɗa mata a gaban mutane. Ta duba ta ga babu matakin ɗauka a daren nan, sai ta rubuta hakan ƙarara: "Babu abin yi yanzu. Zan sake dubawa gobe da Magariba." Wannan ma amsa ce. Sai ta rufe littafin ta ajiye shi nesa da gado. Idan tunanin kuɗin Abba ya dawo mata ƙarfe sha ɗaya, ba za ta yi kokawa da shi ba, za ta ce a ranta, "An rubuta, gobe bayan makaranta."

Akwai binciken da ya ƙarfafa wannan hanya. A 2018 Michael Scullin da abokan aikinsa na Jami'ar Baylor da ke jihar Texas sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da matasa 57. Sun ba su minti biyar kafin kwanciya, rabinsu suka rubuta ayyukan da ke jiransu a kwanaki masu zuwa, sauran suka rubuta waɗanda suka riga suka gama. Masu rubuta abin da ke gaba sun riga sauran yin barci da kusan minti tara, kuma wanda ya fi rubutawa dalla-dalla ya fi saurin samu. Gwajin na dare ɗaya ne, a kan matasa masu lafiya, don haka kada a ɗauke shi kamar maganin kowa. Amma ya nuna cewa rubuta aikin gobe ba ya tayar da hankali kamar yadda wasu ke tsoro.

Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda ba ya rubutu sam ya naɗi muryarsa a waya, ko ya faɗa wa matarsa ko mijinta abubuwan nan uku da matakin kowanne. Abin da za a kiyaye shi ne kada zaman ya zarce lokacinsa. Idan minti 15 ya koma awa guda, shafi ya cika da "me ya sa ni" da "da na sani", to an koma tufka da warwara, an dai sauya mata wuri ne. Alamar ana kan hanya ita ce mutum ya tashi daga zaman yana jin ya ɗan sauke nauyi, ko da matsalar na nan.

Tsakanin rufe littafi da kwanciya, a bar dare ya zama dare. A rage haske, a watsa ruwa idan ana zafi, a yi addu'o'in kwanciya a natse, kowane dare a jere iri ɗaya har jiki ya gane alamar. Waya a sa ta caji nesa da matashi, domin saƙo ɗaya daga zauren dangi ko labarin tashin hankali ya isa ya buɗe sabon babi. Sai batun da mutanenmu ba sa son ji: goro, shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba masu ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, kuma bayan kimanin awa biyar da sha, rabinsa yana nan a jini. Wanda ya zauna majalisa ya sha shayi kofi uku bayan Isha'i, ƙarfe ɗayan dare bai rabu da shi ba. Mai fama da rashin barci ya tsayar da su daga Azahar.

To idan an yi duk wannan, an kwanta, ido ya ƙi fa? Wani masani mai suna Richard Bootzin ya fito da ƙa'ida a 1972 wadda har yau likitocin barci ke amfani da ita. Idan an daɗe a kwance, kamar minti 20 bisa kintace ba tare da duba agogo ba, a tashi daga shimfiɗar. Dalili kuwa, jiki yana koyon alaƙa tsakanin wuri da abin da ake yi a wurin. Wanda ya shafe watanni yana juye-juye a katifarsa, katifar kanta ta zame masa alamar fargaba. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a kujera, amma yana hawa gado idonsa ya washe. Idan an tashi, a zauna cikin haske kaɗan a yi wani abu marar tayar da hankali, kamar jan carbi ko karanta abin da aka saba da shi, ana shaƙar numfashi a hankali ana sakinsa a hankali fiye da haka. Sai ido ya yi nauyi a koma. Idan ya sake ƙi, a sake tashi. Wanda ke ɗaki ɗaya da iyalinsa ba sai ya fita ba, ya sauko kan tabarma ko darduma ya jingina da bango.

Wannan ƙa'ida tana da wuya a makon farko, kuma a nan mutane da yawa ke watsar da ita. Abin da ke sa ta yi aiki shi ne tashi a lokaci ɗaya kowace safiya, ko da daren ya yi muni. Mai tashi sallar Asuba yana da wannan a hannu, muddin bai koma ya rama har hantsi ba. Ƙailula kuma kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma kada a yi ta bayan La'asar, domin bashin barcin da ya taru da rana shi ke jan mutum da dare. Yawanci sai an yi makonni ana bi kafin a ga canji mai ɗorewa.

Waɗannan dabaru suna da iyaka. Idan rashin barcin yana kai dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, yana kuma taɓa aikin mutum da rana, likitoci suna ɗaukarsa ciwo mai zaman kansa da ke buƙatar kulawa. Haka nan idan ya haɗu da faɗuwar gaba har da rana, ko baƙin cikin da ya hana mutum jin daɗin komai, ko ramewa da yawan gumi da bugun zuciya, ko minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci. Wanda tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, ko ya kwana biyu uku bai rintsa ba amma yana jin ƙarfi fiye da kima, kada ya jira, ya je asibiti a ranar. Ana iya farawa da asibiti mafi kusa, kuma akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano. Ƙwayoyin barci irin su baliyam da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba suna sa jiki ya saba da su cikin 'yan makonni. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, domin hakan na iya jawo jijjiga. Likita ne zai tsara masa yadda zai rage a hankali.