Hisabin Janareta da Sola ga Mai Ƙaramin Kanti

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, mai kantin tireda da wutar lantarki ke yanke masa kullum ya wajaba ya zauna ya yi hisabi, domin janareta mai arahar saye ne mai tsadar riƙo, alhali sola kuwa tsadarta a farko take.

Alal misali, a ɗauki kanti a Kano mai ƙwai uku masu wat goma-goma, da fanka mai wat 50, da cajin wayoyi na wat 20, jimla wat 100, ana bukatarsu sa'a shida a yini. Ƙaramin janareta irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai yakan sha kusan rabin lita a sa'a, ko da kayan da aka ɗora masa kaɗan ne, wato lita uku a yini, kimanin lita 90 a wata. Ban da fulogi da ke toshewa da baƙi, da kafireta da gurɓataccen mai ke lalatawa, da hayaƙin da ke halaka mutum idan aka kunna injin a rufaffen ɗaki.

Wannan bukata dai faifan sola mai wat 200 da batirin darma mai bolt 12 da amfiya 100 za su biya ta, amma bisa sharaɗi guda, wanda jahiltarsa kan jawo wa mai saye nadama. Batirin darma ba ya jure a kwashe masa fiye da rabin abin da ya tara, kuma rabin nan shi ne daidai sa'a shida na kantinmu. Wanda ya kiyaye wannan haddi zai mori batirinsa shekara biyu ko uku, wanda kuwa ya ƙara masa firij ko dutsen guga, yana tatse shi kowane dare, cikin 'yan watanni zai ga fanka na mutuwa tun kafin sallar isha'i, alamar batir ya gaji ke nan. Haka kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faifai, sai an riƙa share shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe.

Saboda haka mizanin adalci shi ne mai kanti ya raba kuɗin kayan sola da kuɗin lita 90, ya ga watannin da za su mayar masa da jarinsa, sa'an nan ya riƙa ajiye wani abu daga rarar domin batirin gaba. Mai firiza ko injin niƙa kuwa, kada ya yi gaggawar sayar da janaretansa, domin nauyinsu ya fi ƙarfin wannan ƙaramin tanadi.