Ɗan Kasuwa Mai Neman Haya: Abin da Zai Rubuta wa Mai Gida

Ma'aikaci yana nuna takardar albashi, amma mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ba shi da ita. Cinikinsa yana tashi gab da sallah, ya kwanta da damina. Don haka gajeriyar wasiƙar da zai haɗa da takardar neman haya ita ce za ta amsa tambayar mai gida: shin kuɗin shekara zai fito a kan lokaci?

Ya faɗi sana'arsa, da inda shagonsa yake, da shekarunsa a wurin. Sannan ya haɗa bayanan asusun banki na wata 12, domin na wata 3 zai nuna ko dai lokacin sallah kaɗai ko lokacin da kasuwa ta kwanta, kuma duka biyun ba su ba da cikakken hoto ba.

Misali, ya rubuta: "Ranka ya daɗe, cinikina ba ya zuwa daidai kowane wata. Hayar naira 600,000 zan biya ta gaba ɗaya kafin in tare, ta baɗi kuma ina ware 50,000 duk wata. Ga rasit ɗin tsohon gidana, shugaban layinmu kuma zai tsaya mini."

Kada ya kira kuɗin ciniki riba. Mai gida zai ga abin da ke fita wajen sarin kaya, ya daina yarda da sauran bayanan.